Odar da Ba Ta Cika Ba: Abin da Manhajar Ciniki Ya Kamata Ta Sani Kafin Ta Sake Gwadawa

Da safiyar 1 ga Agusta, 2012, ana buɗe kasuwar hannayen jari ta New York, na'urorin wani kamfanin dillanci mai suna Knight Capital suka shiga saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Ododi 212 ne kawai suka shiga ɓangaren da ya lalace, amma cikin kimanin minti 45 sai da aka ƙulla ciniki fiye da miliyan 4 a hannayen jarin kamfanoni 154. Hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannayen jari ta Amurka ta ce asarar ta haura dala miliyan 460.

Yadda na'urar take aiki shi ne, idan babbar oda ta shigo sai ta yayyanka ta ƙanana-ƙanana ta riƙa turawa kasuwa, akwai kuma wani ɓangare da ke ƙirga nawa aka saya, da ya ga an cika sai ya ce a tsaya. A 2005 an ɗauke wannan mai ƙirgar daga cikin wani tsohon tsari da aka daina amfani da shi, ba a kuwa goge tsohon tsarin ba. Da aka zo sa sabuwar manhaja a 2012, sai aka tsallake ɗaya daga cikin na'urori takwas, tsohon tsarin ya farka a cikinta. Ya yi ta tura ƙananan ododi, ana ta cika su, shi kuwa bai san an cika ba.

Wannan ba matsalar manyan kamfanoni kaɗai ba ce. Duk wanda ya rubuta 'yar manhajar da za ta saya masa hannun jari ko kuɗin waje, ya kuma ce mata idan ba ta yi nasara ba ta sake gwadawa, ya tsaya a bakin ramin nan. Dalili kuwa, tambayar "an yi nasara ko ba a yi ba" ba ta dace da kasuwa ba. Oda tana iya cika, tana iya cika rabi, ana iya ƙin karɓarta, kuma ana iya yin shiru ba amsa. Kowanne da irin martanin da ya kamace shi.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Ana son sayen hannun jari 10,000 na wani kamfani, da sharaɗin kada farashi ya wuce naira 50 kowane ɗaya. Manhaja ta tura oda. A daidai lokacin akwai mai sayar da 3,000 a kan naira 49.80, aka ƙulla. Jim kaɗan wani ya saki 2,500 a kan naira 50, shi ma aka ƙulla. Daga nan masu sayarwa suka koma neman naira 50.20. An samu 5,500 ke nan, saura 4,500, kuma odar tana nan a raye cikin littafin kasuwa tana jiran mai sayarwa.

Dillalai da kasuwanni da yawa suna magana da juna ne ta wata ƙa'idar saƙonni mai suna FIX, wadda aka faro a 1992 tsakanin kamfanonin Fidelity Investments da Salomon Brothers. A cikinta, duk abin da ya faru da oda sai an aiko rahoto a kai. Gurabe uku ne suka fi damun mu a rahoton. `OrdStatus` shi ke faɗin halin da odar take ciki: 1 na nufin an cika wani sashe, 2 an cika duka, 4 an soke, 8 an ƙi karɓa. `CumQty` shi ne jimillar abin da aka saya zuwa yanzu, `LeavesQty` kuma abin da ya rage ana jira. A misalinmu rahoton zai nuna 1, da 5,500, da 4,500.

Manhajar da aka rubuta da gaggawa za ta jira daƙiƙa 30, ta ga ba a kai ga 2 ba, ta ce ba a yi nasara ba, ta sake tura 10,000. Yanzu ododi biyu ne a kasuwa, tsohuwa mai jiran 4,500 da sabuwa mai jiran 10,000. Idan farashi ya sauko duka za su cika, mutumin da ya ware naira dubu 500 ya wayi gari da kayan kusan miliyan ɗaya. Kamar ka aiki yaro Dawanau ya sayo maka buhu goma na masara ne, da ka ga ya daɗe sai ka aiki wani yaron da kuɗin buhu goma, ba ka kira na farko ya dawo ba, ba ka kuma tambaye shi nawa ya riga ya ɗora a mota ba.

Mai ɗan wayo zai ce to a soke ta farko, a tura 4,500. Ya kusa, amma da sauran rina a kaba. Sokewa roƙo ce ake aikawa, kuma tana ɗaukar lokaci kafin ta isa, ko da ƙasa da ƙiftawar ido ne. A ce tana kan hanya wani ya saki 1,000 a kan naira 50. An ƙulla kafin sokewar ta isa. Rahoton da ya tabbatar da sokewa zai zo da `CumQty` na 6,500, ba 5,500 ba. Wanda ya yi gaggawar tura 4,500 ya sayi 1,000 fiye da buƙata. Saboda haka tsarin da ya dace shi ne a aika sokewa, a jira tabbaci, a karanta jimillar da ke cikin tabbacin, sannan a yi lissafi. Abin da ya rage 3,500 ne. Wani lokaci ma amsar da za ta dawo ita ce an makara, odar ta riga ta cika, to nan babu sauran abin turawa.

Akwai wani tarko a nan da yake kama har da ƙwararru. Odar da aka soke, `LeavesQty` ɗinta sifili ne, domin babu abin da take jira a kasuwa. Manhajar da ta dogara da wannan gurbin za ta ɗauka an gama aiki. Haka kuma sabuwar odar 3,500 za ta fara nata ƙirgen daga sifili. Idan aka cika 2,000 a cikinta, 2,000 ɗin kawai za ta nuna, ba ta san da 6,500 na baya ba. Kasuwa ba ta san burinka 10,000 ba ne, ita oda-oda take gani. Dole manhajar ta riƙe nata lissafin:

```
saura = buri - sum(o.CumQty for o in ododi)
if saura > 0 and babu_oda_a_raye(ododi):
    tura(saura)
```

Layi na biyu shi ne ƙashin bayan al'amarin. Ba a tura sabuwar oda muddin akwai wata da ba a san ƙarshenta ba. Kuma a rubuta wannan lissafin a ma'ajiyar da ba ta gogewa, tun kafin a tura odar, don idan wuta ta ɗauke ko manhajar ta faɗi, ta tashi da sanin inda aka kwana.

Odar da aka ƙi karɓa ta fi sauƙi ta wani gefen, tunda an san ba a sayi komai ba. Abin dubawa shi ne dalili, kuma rahoton yakan zo da shi a gurbin `OrdRejReason`. Wasu dalilan lokaci ne maganinsu. Idan dillali ya ce saƙonni sun yi yawa, kamar lambar 429 da ake gani a hanyoyin intanet, sai a dakata daƙiƙa ɗaya, idan an sake ƙi a dakata biyu, sannan huɗu, sannan takwas. Wanda ya ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofa babu hutu, wasu dillalan rufe masa hanyar suke yi baki ɗaya na wani lokaci. Wasu dalilan kuwa ko sau dubu aka maimaita amsa ɗaya ce: babu isasshen kuɗi a asusu, ko an rubuta sunan hannun jarin ba daidai ba, ko adadin ya gaza mafi ƙanƙantar abin da ake karɓa. A kasuwar hannayen jari ta Najeriya da ke Legas, farashi ba ya wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa a rana guda, don haka odar da ta fita daga wannan iyaka ba yawan turawa ne zai shigar da ita ba. Irin waɗannan, manhaja ta tsaya ta sanar da mai ita. A ganina duk dalilin da manhajar ba ta gane ba, a jefa shi cikin wannan rukunin. Gara a rasa ciniki guda da a bar na'ura tana yanke hukunci kan abin da ba a koya mata ba.

Mafi haɗari duka shi ne shiru. An tura oda, layi ya yanke, lokacin jira ya ƙare, babu amsa. Wataƙila odar ba ta isa ba. Wataƙila ta isa, ta cika, amsar ce ta ɓace a hanyar dawowa. Daga inda manhajar take, hali biyun kamarsu ɗaya, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki shiru a matsayin ƙi. Maganinsa lambar shaida ce da mai tura oda yake ba kowace oda da kansa, a FIX ana kiranta `ClOrdID`. Da layi ya dawo, abu na farko shi ne a tambayi dillali halin da oda mai wannan lambar take ciki. Idan ya ce ya san ta, a ɗauki jimillarta a shigar cikin lissafi. Idan ya ce bai san ta ba, a ɗan jira a sake tambaya, domin tana iya kasancewa a layi ba a rubuta ta ba tukuna. In za a sake turawa, a tura da lambar nan dai, ta yadda idan ta farkon ta shiga, dillali zai ƙi ta biyun a matsayin maimaici. Sai dai a karanta ƙa'idar dillalin da kyau, don wasu suna hana maimaita lamba ne kawai yayin da odar take raye. Da ta cika, lambar ta zama halas, kariyar ta tafi. Sabuwar lamba kuwa sai ga sabuwar oda ta gaskiya, irin ta 3,500 ɗin nan.

Ko da an yi duk wannan, manhaja tana buƙatar birki da bai dogara da lissafinta ba, tunda lissafin ne kan lalace. A sa iyakar gwaji, misali sau biyar. A sa iyakar farashi, domin idan kowane gwaji yana ƙara kwabo 20 don ya bi masu sayarwa, wanda ya fara a naira 50 zai tsinci kansa a 51 bayan gwaji biyar. A kuma yanke tun farko yadda za a yi da ɗan ragowa: idan saura 40 kawai cikin 10,000, sau da yawa ladan dillali ya fi amfaninsu, a bar su. Sannan lokaci-lokaci wani ɓangare na daban ya tambayi dillali nawa ne ainihin abin da ke cikin asusun, ya gwada da abin da manhajar ta rubuta. Idan ta ce 8,500, dillali ya ce 9,500, a soke duk odar da ke raye, a hana tura sabuwa, a kira mutum ya gano inda 1,000 ɗin suka fito kafin a sake kunna ta.