Gaya: launin rubutu yana iya hana mai raunin gani karanta sanarwa

A Gaya, garin iyaka da ke jihar Doso, sanarwa da yawa yanzu a hoto suke zuwa. Ana shirya su a salula, a tura ta WhatsApp, daga baya a buga wasu a liƙa a tasha, a bakin kasuwa ko a ƙofar asibiti. Hoto ɗaya yana iya tsallaka kogi ya isa Malanville ta ƙasar Benin, ko ya kai Kamba ta jihar Kebbi, kafin rana ta faɗi. Sai dai isar sanarwa daban, karanta ta daban. Tsohon da yana ta fara rufe masa ido, ko matar da ta daɗe tana buƙatar madubin ido ba ta samu ba, suna iya riƙe salular a hannu su kasa gane ranar da aka rubuta. Galibi haruffan ba su yi ƙanƙanta ba. Launinsu ne ya narke cikin launin da ke bayansu.

Abin da ido yake nema

Ido yana rarrabe harafi ne saboda ɗaya cikin biyun, harafin ko bayansa, ya fi ɗayan haske. Bambancin launi kawai bai isa ba. Ja da tsanwa launuka ne daban, amma idan haskensu ya zo ɗaya, gefen harafi yakan ɓace. Mai lafiyar ido yana iya daurewa ya karanta. Wanda yana ta kama, shi kamar yana kallo ne ta cikin ƙurar hunturu: haske yana watsuwa cikin idonsa, baƙi ya koma toka-toka, fari ya dushe. Duk ɗan bambancin da ke tsakanin launuka biyu sai ya ƙara raguwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa yanar ido da rashin madubin da ya dace a sahun gaba na abubuwan da ke rage gani a duniya, don haka masu wannan matsala suna cikin kowace unguwa.

Launuka kuma ba su da haske iri ɗaya a idon mutum. Cikin hasken da allon salula yake bayarwa, tsanwa ce ke ɗaukar kusan kashi 72 cikin ɗari na abin da ido ke ji a matsayin haske, ja kashi 21, shuɗi kashi 7 kacal. Shi ya sa shuɗi yake fita sosai a kan fari amma ya nutse a kan baƙi, ruwan ɗorawa kuwa, wanda haɗin ja da tsanwa ne, yake ɓacewa a kan fari.

Ma'aunin da aka yarda da shi

Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar da ma'auni a shekarar 2008 cikin kundinta mai suna WCAG 2.0, kuma bugun 2023 bai sake alƙaluman ba. Ƙa'idar RGAA ta ƙasar Faransa ma a kansa ta dogara. Ana ba kowane launi lamba tsakanin 0, wato baƙi ƙirin, da 1, wato fari fat. Sai a kwatanta mai haske da mai duhu kamar haka:

```
(L1 + 0,05) / (L2 + 0,05)
```

L1 shi ne launin da ya fi haske, L2 kuma wanda ya fi duhu. Baƙi a kan fari yana ba da 21, kuma babu abin da ya wuce haka. Launi a kan irinsa yana ba da 1, wato ba a ganin komai. Ƙa'idar ta ce rubutu na yau da kullum ya kai aƙalla 4,5. Manyan haruffa, daga girman 18 zuwa sama, ko 14 idan masu kauri ne, an yarda su tsaya a 3. Wanda yake son ya kai ga masu raunin gani sosai sai ya nemi 7.

Ba a tsinci waɗannan lambobi haka kawai ba. An yi lissafin 4,5 ne da mutumin da ganinsa ya sauko zuwa 5/10, kamar yadda likitan ido yake rubutawa a takarda, abin da ake yawan samu ga tsofaffi. Shi kuma 7 an auna shi da wanda ganinsa bai wuce 2,5/10 ba.

Sanarwa mai launin tuta

A ɗauka wata ƙungiyar unguwa a Gaya za ta sanar da zuwan likitocin ido, kuma matashin da ke shirya hoton ya zaɓi launukan tutar Nijar: ruwan lemu, fari da tsanwa. Ya ɗauki ruwan lemu mai lamba #E05206 da tsanwa mai lamba #0DB02B, irin waɗanda ake yawan zana tutar da su a allo. Ya yi bayan hoton tsanwa, ya rubuta kanun da fari, ya rubuta rana da wuri da ruwan lemu don su fito. A ƙasa ya bar farin fili, ya sa ƙarin bayani da ƙananan haruffa ruwan lemu.

Hasken wannan tsanwa 0,31 ne, na ruwan lemun 0,22, na fari 1. Fari a kan tsanwa ya ba da 2,9, bai ma kai 3 da ake nema wa manyan haruffa ba. Ruwan lemu a kan fari ya ba da 3,9: ya isa ga kanu, bai isa ga ƙananan haruffa ba. Ruwan lemu a kan tsanwa kuwa 1,35 ne kawai. Wato rana da wuri, abin da aka yi sanarwar dominsa, su ne suka fi ɓacewa, kuma ga mutanen da likitocin suka zo nema.

Gyaran ba ya buƙatar a watsar da launukan. Da farko a duhunta tsanwar zuwa #006400. Haskenta ya sauko zuwa 0,09, fari a kanta ya haura zuwa 7,4. Amma wannan bai ceci ruwan lemun ba, domin a kan sabuwar tsanwar 1,9 kawai yake bayarwa. Don haka rana da wuri sai a mayar da su fari, ko a ciro su a ɗora cikin farin akwati da baƙin rubutu. A farin filin ƙasa, a duhunta ruwan lemun zuwa #B84000, wanda ke ba da 5,6 a kan fari. Ruwan lemu na asali ya koma ado: layi a gefe, ko ƙwallon tsakiya irin na tuta, inda ba wanda zai karanta komai. Hoton bai rasa kamanninsa na Nijar ba, kuma kowane harafi ya tsallake ma'auni.

Darasin da ke ciki shi ne, cikin launuka biyu dole ɗaya ya yi duhu sosai, ɗayan ya yi haske sosai. Launuka biyu masu matsakaicin haske ba sa ɗaukar juna, ko da kowannensu yana da kyau shi kaɗai. Irin wannan tarkon yana jiran mai aiki da launukan tutar Benin: ruwan ɗorawa tsantsa a kan fari 1,07 ne, kusan babu, alhali a kan baƙi ya wuce 19. Haka ma ruwan toka mai haske da ake yayi a wasu shafuka. Tokar da ta fi #767676 haske ta faɗi ƙasa da 4,5 a kan fari.

Yadda ake dubawa

Ba sai an yi lissafi da hannu ba. Akwai shafi na kyauta mai suna WebAIM Contrast Checker, inda ake sa lambar launin rubutu da ta bayansa, ya fitar da sakamako nan take. Manhajojin shirya hoto suna nuna wannan lamba mai farawa da alamar # a wurin zaɓen launi.

Wanda ba shi da intanet yana da gwaji mai sauƙi. Ya mayar da hoton baƙi da fari a salula, ko ya kai shi wurin mai fotokofi ya ciro kwafi ɗaya. Idan aka cire launi, haske da duhu ne kawai suke saura. A sanarwar da aka kawo misali, ruwan lemu da tsanwa za su zama toka biyu masu kama da juna, ranar ta kusa gogewa. Bayan haka sai a rage hasken allon, a fita da salular tsakar gida da azahar. Rana tana zuba haske a kan rubutu da bayansa gaba ɗaya, ta rage bambancinsu, kuma gilashin da ya sha karce yana ƙara dagula lamarin. Gwaji na ƙarshe shi ne a miƙa wa wani dattijo a gida, a roƙe shi ya karanto rana da wuri da murya. Idan ya matso da salular kusa da hanci ko ya fara juya ta, sai a koma a gyara.

Inda lamba ba ta wadatar ba

Ma'aunin yana duba launi biyu ne kawai. Idan aka ɗora rubutu a kan hoton mutane ko na gini, bayan kowane harafi daban ne: kalma ɗaya ta faɗa kan farar riga, wata kan inuwa. Maganinsa a shimfiɗa launi guda mai duhu ko fari a ƙarƙashin rubutun. Haruffa sirara da masu lanƙwasa irin na katin biki su ma suna cinye bambancin, domin ido mai rauni yana gauraya siririn layi da abin da ke kewaye da shi.

Takarda da bango suna da nasu hali. An yi ma'aunin ne don allo, kuma abin da aka buga yana canjawa: rana tana cin jan tawada da ruwan ɗorawa da wuri, ƙura tana mayar da farar takarda ruwan ƙasa. Sanarwar da ta fara da 4,5 daidai ba za ta daɗe a haka ba, don haka abin da za a liƙa a waje gara ya fara daga 7 zuwa sama.

Masu raunin gani kuma ba iri ɗaya ba ne. Wasu masu yanar ido farin allo yana kashe musu ido, sun fi jin daɗin farin rubutu a kan duhu. Wasu kuma baƙi a kan fari ya fi musu. Hoto ba ya barin mai karatu ya canja komai, amma rubutun saƙo yana bin girman haruffa da yanayin duhu ko haske da mai salular ya zaɓa wa kansa. Saboda haka duk wanda ya tura hoton sanarwa, ya rubuta rana, sa'a da wuri a ƙarƙashinsa da rubutu zalla.