Mutum Huɗu a Kwale-kwale Ɗaya: Yadda Ake Gina Maƙalar Falsafa Mai Kare Matsaya

A ranar 5 ga Yulin 1884 wani ƙaramin jirgin ruwa na Ingila mai suna Mignonette ya nutse a tekun Atlantika, a hanyarsa daga Southampton zuwa Sydney. Mutum huɗun da ke ciki suka tsira a kwale-kwale, ba ruwan sha, ba guzuri sai gwangwani biyu na kayan lambu da wani kunkurun ruwa da suka kama daga baya. Ƙaraminsu, Richard Parker, ɗan shekara 17, ya sha ruwan gishiri ya kwanta magashiyyan. Kyaftin Tom Dudley ya kawo shawarar a jefa ƙuri'a, Edmund Brooks ya ƙi. Da aka kai kusan kwana 20, Dudley ya yanka yaron da amincewar mataimakinsa Edwin Stephens, su ukun suka rayu da namansa. Bayan kwana 4 wani jirgi ya tsince su. Kotu ta yanke wa Dudley da Stephens hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin wata 6.

Malaman falsafa da na shari'a suna son ba ɗalibai wannan labari, domin gaba kura ne baya sayaki. In an kashe yaron an zubar da jinin wanda bai yi laifi ba. In an bar shi, da alama duka huɗun za su halaka. Abin da ake nema ga ɗalibi shi ne ya zaɓi ɓangare ɗaya ya kare shi da hujja, kuma akwai tsarin da ke sa hujjar ta tsaya da ƙafarta.

Aikin farko shi ne taƙaita tambayar, kuma a nan yawancin maƙaloli ke lalacewa tun ba a je ko'ina ba. Labarin Dudley yana ɗauke da tambayoyi uku da suka yi kama da juna. Shin abin da ya yi kuskure ne? Shin ya cancanci zargi, ganin halin yunwa da ƙishirwa da yake ciki? Shin ya kamata hukuma ta hukunta shi, kuma da wane irin hukunci? Mutum zai iya cewa aikin ba daidai ba ne, amma ya tausaya wa mai aikin, kuma sassaucin da aka yi wa mutanen biyu ya nuna cewa mahukuntan wancan zamanin ma sun raba waɗannan al'amura. Marubucin da bai raba su ba zai fara da hujjar cewa kisan zalunci ne, ya zarce da bayanin azabar ƙishirwa, ya ƙare da maganar gidan yari, mai karatu ya rasa wacce tambaya aka amsa. Don haka a ɗauki ɗaya, a faɗa a fili cewa an ajiye sauran biyun.

Sai matsaya. Wurinta shi ne sakin layi na farko, bayan an ba da labarin cikin jimla huɗu ko biyar. Ba a ɓoye ta sai ƙarshe kamar a tatsuniya. Wanda ya rubuta cewa zai duba ra'ayoyi mabambanta kan lamarin bai ce komai ba tukuna. Matsaya ita ce irin wannan: "Zan nuna cewa Dudley ya yi kuskure da ya kashe Parker, domin ya mayar da ran yaron abin amfanin wasu ba da yardarsa ba, kuma yawan waɗanda suka tsira bai goge wannan ba." Jimlar ta faɗi ɓangaren da aka ɗauka, ta faɗi dalili, ta kuma nuna sukar da za a fuskanta. Hanyar gane matsaya ta gaskiya mai sauƙi ce: mai hankali zai iya musanta ta? In babu wanda zai musanta, kamar a ce kisa abu ne mai muni, to babu abin da za a kare.

Daga nan marubuci ya shimfiɗa hujjarsa mataki-mataki, yadda almajiran mandiƙi suka saba: muƙaddimomi sannan natija, wato ginshiƙai da sakamakon da ya hau kansu. Ginshiƙi na farko, kashe wanda bai yi laifi ba kuma ba ya yi maka barazana, don ka amfana da mutuwarsa, ba tare da yardarsa ba, kuskure ne. Na biyu, Parker bai yi laifi ba, bai yi wa kowa barazana ba, ba a kuma nemi yardarsa ba. Na uku, an kashe shi ne domin sauran su rayu da jikinsa. Sakamako, kisan kuskure ne. Amfanin rubuta shi haka shi ne marubucin da kansa zai ga inda rauni yake. Ginshiƙi na biyu da na uku bayanai ne da shari'ar ta tabbatar, jimla biyu sun ishe su. Rigimar duka tana kan na farko, kuma a can ya kamata ƙarfin maƙalar ya tafi. Ɗalibai da yawa sukan juya lamarin, su cika shafi biyu da tabbatar da cewa yaron ba shi da laifi, abin da babu mai jayayya a kai, su wuce ginshiƙin farko da jimla ɗaya.

To, yaya ake kare ƙa'ida irin wannan? Hanyar da ta fi aiki ita ce a gwada ta da wani misali wanda mai karatu ba ya shakka a kansa. Philippa Foot a 1967, da Judith Jarvis Thomson bayanta, sun shahara da irin wannan gwaji. Ga likita da marasa lafiya biyar, kowanne yana buƙatar dashen wata gaɓa, ga kuma lafiyayyen mutum ya shigo asibitin. Kusan kowa zai ce likita ba shi da ikon yanka wannan mutum, ko da biyar za su rayu. Marubuci sai ya ce: in mun yarda da haka, mun yarda cewa lissafin rayuka kaɗai ba ya halatta kisa, kuma wanda ya ce kwale-kwalen daban yake, shi ke da nauyin nuna bambancin. A lura cewa ambaton sunan babban malami ba ya maye gurbin wannan aiki. Immanuel Kant ya koyar da cewa ba a ɗaukar mutum a matsayin kayan aiki kawai, kuma ya dace a ambace shi, amma dole marubuci ya nuna dalilin da zai sa a yarda. Haka nan ga mai karatun da ya taso da fiƙihu: malamai sun yarda larura tana halatta cin mushe, amma ba ta halatta kashe rai marar laifi, har Imam Gazali a littafinsa Al-Mustasfa ya kawo misalin jirgin da zai nutse, ya hana a jefar da mutum ɗaya don ceton saura. Wannan shaida ce mai nauyi, sai dai maƙalar falsafa tana neman a fito da hikimar da ke bayan hukuncin, ta yadda wanda bai bi mazhabar ba ma zai iya auna ta.

Yanzu mun zo zuciyar aikin, wato suka da raddi. A ganina da wannan sashe ake gane maƙala mai kyau, kuma ya cancanci kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawonta. Kare ɓangare ɗaya ba yana nufin toshe kunne daga ɗaya ɓangaren ba. Ana nemo suka mafi ƙarfi, a faɗe ta yadda mai ita zai ji ya ce, haƙiƙa haka nake nufi. Suka mai rauni ita ce a ce Dudley yunwa yake ji. Mai ƙarfin kuwa ga ta: misalin likita bai dace ba, domin lafiyayyen mutumin can zai koma gida ya rayu shekaru, Parker kuwa mutuwa zai yi ko an taɓa shi ko ba a taɓa shi ba. Abin da ya rasa bai wuce kwana ɗaya ko biyu na jinya ba, abin da aka samu kuwa rayukan mutum uku, wasu da iyali. Mabiya Jeremy Bentham, masu auna aiki da yawan alherin da ya haifar, za su tsaya a nan daram.

Wannan suka tana da cizo, kuma bai kamata a yi kamar ba ta da shi ba. Raddin yana iya zuwa ta fuska biyu. Ta farko, Dudley bai san abin da sukar ta ɗauka an sani ba. Bai san ranar da yaron zai mutu ba, bai san ranar da ceto zai zo ba. Jirgi ya bayyana bayan kwana 4, amma da ya iya bayyana washegari. Alƙali Coleridge da kansa ya taɓo wannan rashin tabbas. Fuska ta biyu ta fi zurfi. Ko da an tabbata Parker zai mutu gobe, ragowar ransa nasa ne, shi ke da ikon sadaukar da shi. Wanda ya yanke hukuncin kuwa shi ne wanda zai ci moriyarsa, kuma ya zaɓi mafi rauni, wanda ba zai iya ja da shi ba. Ƙa'idar da ta ba mai ƙarfi damar ƙiyasta darajar ran mai rauni a lokacin da yake da buƙata a ciki, ƙa'ida ce da ba wanda zai amince da ita tun kafin ya san kujerar da zai zauna a kwale-kwalen.

Marubuci ya duba da kyau wace fuska ce ke ɗauke da nauyin. In ya dogara ga rashin tabbas kaɗai, abokin hamayya zai ce, to mu ƙaddara an tabbata, sai hujjar ta rushe. Saboda haka fuska ta biyu ce ginshiƙi, ta farko taimako ce kawai, kuma ya kamata a gaya wa mai karatu haka. Suka ɗaya da aka bi har ƙarshenta ta fi biyar da aka taɓa sama-sama.

Akwai kuma gyaran da sukar takan tilasta. Da Parker ya yarda da bakinsa yana cikin hayyacinsa fa? Da an jefa ƙuri'a kowa ya amince fa? Hujjar da muka gina ta rataya ne a kan rashin yarda, don haka ba ta ce komai kan waɗannan ba. Marubuci mai gaskiya zai faɗi hakan, ba zai faɗaɗa sakamakonsa ya wuce abin da ginshiƙansa suka ɗauka ba. Wanda yake son ya haramta har da ƙuri'ar, kamar yadda Gazali ya yi, yana buƙatar wani ginshiƙin dabam, kuma sai ya kare shi.

Rufewa gajeriya ce, sakin layi ɗaya: abin da aka nuna, da abin da aka bari a buɗe, ba tare da sabuwar hujja ba. A maƙala mai kalmomi 2000, gabatarwa da taƙaita tambaya za su iya cin 300, hujja da kariyarta 800, suka da raddi 700, rufewa 200. Kafin a miƙa ta, a rubuta aikin kowane sakin layi da 'yan kalmomi a gefen takarda. Wanda aka kasa faɗin aikinsa a cire shi. A bi duk tambayar da aka jefa ba amsa, irin su "wa zai yarda da wannan ta'asa?", a mayar da ita magana mai dalili. Sannan a bi kalmar "kuskure" daga farko zuwa ƙarshe, a tabbatar ba ta koma "abin zargi" ko "abin hukuntawa" a tsakiyar hanya ba.