Me Ya Sa Gishiri Ke Jiƙewa Da Damina Ba Tare Da Ruwa Ya Taɓa Shi Ba?

Kowace mai girki ta san halin gishiri. Da rani yana nan garau, a watsa shi ya watsu. Da zarar damina ta kankama sai ya dunƙule, wani lokaci har ya riƙa tsattsafo da ruwa a gindin kwano, alhali babu wanda ya zuba masa ko ɗigo. Amsar da aka saba bayarwa ita ce gishiri yana jan ruwa. Gaskiya ne, amma bai bayyana dalilin da ya sa yake jan ruwan a watan Agusta, ya ƙi ja a watan Janairu ba. Dalilin yana cikin abin da masana kimiyyar sinadarai ke kira matsin tururi.

A ɗauki kwalba, a zuba ruwa rabi, a toshe bakinta. Ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka zama ruwa ba sa zama wuri ɗaya. Wasu na kuɓucewa daga saman ruwan su shiga sararin da ke cikin kwalbar, wasu kuma na dawowa. Da farko masu fita sun fi yawa, amma kafin a jima sai masu fita da masu dawowa su yi kunnen doki. Ƙarfin da tururin da ya taru yake danna bangon kwalbar da shi a wannan lokacin shi ne matsin tururi. A zafin digiri 25, na tsantsar ruwa yana ɗaga zaiba milimita 23.8 a bututun awo. Yana ƙaruwa da zafi, har ya kai milimita 760 a digiri 100. Wannan adadin daidai yake da nauyin iska a bakin teku, shi ya sa ruwa ke tafasa a nan.

Wani Bafaranshe mai suna François-Marie Raoult, malami a jami'ar Grenoble, ya daɗe yana narkar da abubuwa iri-iri cikin ruwa da sauran sinadarai masu ruwa-ruwa yana aunawa. A 1887 ya fito da ƙa'idar da har yau take ɗauke da sunansa. Idan aka narkar da abin da ba ya tashi ya zama tururi, kamar sukari, matsin tururin ruwan yana raguwa daidai da yadda kason ruwan ya ragu a cikin haɗin. Ana rubuta ta haka: P = x × P°. A nan P° shi ne matsin tsantsar ruwa, x kuma kason ƙwayoyin ruwa cikin jimillar ƙwayoyin da ke haɗin. Abin lura shi ne ƙirga ƙwayoyi ake yi, nauyinsu bai shiga lissafin ba.

Bari mu gwada da sukari. Masana na ƙirga ƙwayoyi da wani ma'auni da ake kira mol. Kilo ɗaya na ruwa mol 55.5 ne, giram 342 na sukari kuma mol ɗaya ne cur. Idan aka haɗa su, jimilla ta zama 56.5, kason ruwa kuma 55.5 a raba da 56.5, wato 0.982. A ninka wannan da 23.8, sai a sami 23.4. Sukarin da ya kai sulusin kilo bai rage matsin ba sai da abin da bai kai kashi biyu cikin ɗari ba. Tunda matsin ya ragu, dole a ƙara wuta kaɗan kafin ya kai 760, don haka ruwan zai tafasa a wajen digiri 100.5. Daga nan za a gane cewa ɗan cokalin gishirin da ake jefawa a tukunyar taliya ba ya canza zafin tafasa ta yadda za a ji. Don ɗanɗano ake sa shi.

Littattafan makaranta da yawa sukan ce ƙwayoyin sukari ne ke tare saman ruwan su hana na ruwa fita. A ganina wannan bayani yana ɓatar da ɗalibi. Abin da ya tare hanyar fita ai ya tare ta shiga, kuma rufe rabin saman ruwa da faifai ba ya canza matsin da za a tsaya a kai, sai dai a daɗe kafin a kai gare shi. Bayanin da ya fi inganci shi ne, ruwan da ya cakuɗu da wani abu ya riga ya sami wani kaso na watsuwar da yake nema ta hanyar zama tururi, saboda haka ɗokinsa na fita ya ragu.

To, mu koma kan gishiri. Shi ya bambanta da sukari, domin idan ya narke kowace ƙwaya tana rabewa biyu, sodiyom da kulorayid, kowanne ɗauke da cajin lantarki. Kilo ɗaya na ruwa yana iya shanye kimanin giram 360 na gishiri kafin ya ƙoshi. Mol ɗaya na gishiri giram 58.5 ne, wato muna da mol 6.15, idan suka rabe su zama 12.3. Kason ruwa zai zama 55.5 a raba da 67.8, wato kusan 0.82. Bisa ƙa'idar Raoult, matsin tururin ruwan gishirin da ya ƙoshi ya kamata ya zama kashi 82 cikin ɗari na tsantsar ruwa. Amma idan aka auna, kashi 75 ake samu.

Wannan 75 ɗin ita ce amsar tambayarmu. Idan laimar iska ta haura kashi 75, tururin da ke cikin iska ya fi ƙarfin wanda ruwan gishiri zai iya mayarwa, sai ruwa ya riƙa sauka a kan ƙwayoyin gishirin yana narkar da su. Idan laima ta yi ƙasa da haka, kamar lokacin hunturu, sai abin ya juya, ruwan ya fice, gishirin ya bushe. Adadin ba ya motsi sosai ko da zafin ɗaki ya canza, har ma ana amfani da shi wajen duba na'urar awon laima: a jiƙa gishiri ya yi ɗamɓa-ɗamɓa, a rufe shi da na'urar cikin mazubin da iska ba ta shiga, a bar su su kwana. In na'urar ba ta nuna kusan 75 ba, ita ce da gyara.

Saura tambaya ɗaya: ina tazarar da ke tsakanin 82 da 75 ta fito? Ƙa'idar Raoult ta ginu ne a kan zaton cewa ƙwayar ruwa ba ta damu da wanda ke maƙwabtaka da ita ba, ko 'yar'uwarta ce ko baƙuwa, riƙon da suke yi wa juna ɗaya ne. Akwai haɗe-haɗen da suka yi kusa da haka, misali benzin da toluwin, waɗanda siffarsu da girmansu suka yi kama. Amma sodiyom da kulorayid suna kama ƙwayoyin ruwa su riƙe gam saboda cajinsu. Idan gishirin ya yi yawa, ruwan da ke sake ya ragu fiye da abin da ƙirge ya nuna. Duk lokacin da matsin da aka auna ya gaza wanda aka lissafa, ana cewa haɗin ya kauce ta ƙasa.

Haka ma abin yake iya faruwa idan dukan abubuwa biyun masu tashi ne. Asiton, wanda mata suka sani a maganin goge fentin farce, yana tafasa a digiri 56, kulorofom kuma a 61. Hankali zai ba mutum cewa haɗinsu zai tafasa a tsakani. Sai ga shi a wani kaso yana kaiwa sama da digiri 64. Haidurojin ɗin kulorofom ne ke maƙale wa oksijin ɗin asiton, suka riƙe juna fiye da yadda kowanne ke riƙe ɗan'uwansa. Wanda ya haɗa su zai ji kwalbar ta ɗumama a hannunsa.

Kaucewa ta sama ita ce ta fi yawa, kuma ita ce ta fi ba masana'antu ciwon kai. Misalin da ya fi shahara shi ne ruwa da itanol, sinadarin da ke cikin maganin wanke hannu da aka yi ta shafawa lokacin korona. A digiri 25 matsin itanol kusan 59 ne, na ruwa 23.8. Idan ƙwayoyinsu suka zo rabi da rabi, lissafi zai ba da kusan 41, amma awo yana haura 50. Ƙwayoyin ruwa sun fi son junansu a kan jelar itanol mai halin mai, sai kowane ɓangare ya sami sauƙin ficewa. A nan akwai tarko ga ɗalibi. An saba koyar da cewa haɗin da ya kauce ta sama yana sanyi kuma yana kumbura. Na ruwa da itanol kuwa ɗumama yake yi a zafin ɗaki, kuma mililita 50 na kowanne idan aka haɗa, kusan 96 suke bayarwa. Saboda haka ɗumi da ƙanƙancewa alamu ne kawai, awon matsin shi ke yanke hukunci.

Sakamakon wannan kaucewa yana fitowa fili wajen raba su. Hanyar da aka sani ita ce a dafa haɗin, a tara tururin a sanyaya shi, domin tururin ya fi ruwan da ya bari yawan itanol. A sake dafa wanda aka tara, kason ya ƙara hawa. Da ƙa'idar Raoult ke aiki sosai, da an ci gaba a haka har a kai tsantsa. Sai dai idan itanol ya kai kashi 95.6 bisa nauyi, matsin haɗin ya zarce na tsantsar itanol kansa, yana tafasa a digiri 78.2 maimakon 78.4, kuma tururin da ke tashi kasonsa ɗaya da ruwan da ke tukunya. Wannan matsaya ita ake kira aziyotirof. Ana gane an iso ta idan ma'aunin zafi ya tsaya cak, abin da ake tarawa kuma ya daina canzawa. Ƙara tsawon bututu ko ƙara wuta ba sa tsinana komai. Masu neman itanol marar ruwa, kamar wanda ake gaurayawa da fetur, sai su bi da shi ta cikin wasu ƙananan duwatsu masu ramuka da ake kira ziyolayit, waɗanda ƙwayar ruwa ke shigewa ta maƙale, ta itanol kuma ta yi musu girma ta wuce.

Duk da wannan, ƙa'idar ba ta faɗi ba. Tana ƙara zama daidai ga sinadarin da ya rinjaya a haɗi gwargwadon yadda baƙon ya yi ƙaranci, shi ya sa lissafinmu na sukari ya yi kusa da awo, na gishirin da ya ƙoshi ya yi nisa. Ɗalibi ko ma'aikacin ɗakin gwaji da zai yi amfani da ita ya fara duba abu uku: ko abin da aka narkar yana rabewa, ko ya yi yawa, ko kuma halinsa ya bambanta da na ruwan. Idan ɗaya daga cikinsu ya tabbata, kada ya dogara da lissafin shi kaɗai, ya nemi adadin da aka auna.