"Kububuwa ce": yaya ƙarfin wannan magana?

Lokacin girbi a gonakin Gwaram da gindin duwatsun Birnin Kudu, idan maciji ya sari mutum, tambayar farko ita ce wane iri ne. Amsa kuwa takan fito da sauri: kububuwa ce. Abin da ke damuna shi ne wanda ya hango wulgawar abu a ciyawa da wanda ya ƙare wa macijin kallo, dukkansu da murya ɗaya suke faɗa.

A ce manomi ya ɗaga damin dawa da magariba, ya ga ɗan maciji ruwan ƙasa mai zane, bai kai kamu biyu ba, ya naɗe jikinsa yana gogawa har ana jin ƙara kamar ta ruwa a kasko mai zafi. Wannan halin kububuwa ne. Sai dai akwai macijin da ke haɗiye ƙwan tsuntsaye, marar dafi, wanda ke kwaikwayon zanen da ƙarar duka. Don haka maganar da ta dace da manomin ita ce: "Ina kyautata zaton kububuwa ce, saboda na ga zanenta kuma na ji ƙarar, amma ban ga kanta ba." Ya faɗi sunan, ya faɗi dalilinsa, ya kuma nuna inda ganinsa ya tsaya.

Kan nan shi ne zai ɗaga zato ya kusanci tabbas. Na kububuwa faffaɗa ne, ya fita daban daga siririn wuya, an lulluɓe samansa da ƙananan ɓawo masu kaushi. Na mai haɗiye ƙwai ƙarami ne, kusan kauri ɗaya da wuya, ɓawon samansa manya ne. Wutsiyar kububuwa gajera ce. Hoton waya da aka ɗauka daga nesa, wanda ya nuna kai da wutsiya, ya fi shaidar mutum goma da suka dogara da launi, domin launi yana rikiɗa da magariba. Kada a bi macijin don neman hujja, kuma ko matacce ne kada a taɓa kansa da hannu.

Hujja mafi ƙarfi a jikin majinyaci take. A asibiti, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ana iya zuba jini mililita 2 a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a bar shi minti 20 ba a girgiza ba. Idan bai daskare ba, a ƙasarmu kububuwa ce kan gaba a zargi. Idan ya daskare, ba a wanke ta ba tukuna, domin dafin kan ɗauki sa'o'i kafin ya nuna, sai an maimaita gwajin.

Jama'a, ku faɗa wa likita abin da idonku ya gani daban, abin da kuke zato daban, kuma ku kai majinyaci asibiti ko ba ku san sunan macijin ba.