Gyaran famfon unguwa: aikin da ƙaramin karo-karo zai iya ɗauka

Ƙungiyoyin matasa da dama kan fara da burin haƙa sabuwar rijiyar burtsatse, sai kuɗin ya gagara, himma ta mutu. Alhali a unguwanni da ƙauyuka akwai famfunan tuƙa-tuƙa da suka daina aiki, kuma sau da yawa rijiyar lafiyarta ƙalau, wani ƙaramin abu ne ya lalace a jikin famfon. Farfaɗo da irin wannan aiki ne da ya yi daidai da aljihun matasa.

A ƙaddara ƙungiya tana da mambobi 40, kowa na ba da naira 500 a wata. Cikin wata shida an tara naira 120,000. Kafin a taɓa ko sisi, sai a nemi izinin mai unguwa, a gano wanda rijiyar ke hannunsa, sannan a kira makanikin famfo ya duba. Ya kamata a san samfurin famfon, domin kayan India Mark II ba sa shiga Afridev.

Famfo yakan nuna ciwonsa. Idan hannun ya yi sakwaf kuma babu ruwa, galibi sarƙa ce ta tsinke ko sandar ciki ta kwance. Idan da safe sai an daɗe ana bugawa kafin ruwa ya fito, to ruwan na zurarewa da dare ta bawul ɗin ƙasa ko ta bututun da ya huje. Idan kuwa ruwan na zuwa kaɗan-kaɗan, robobin da ke ɗago shi ne suka cinye. Duk waɗannan suna gyaruwa. Amma idan rijiyar kan ƙafe kowane rani, ko tana fitar da yashi, matsalar ta fi ƙarfin karo-karo. Sai a kai kuka ga hukumar RUWASSA ta jiha.

Kada a kashe kuɗin gaba ɗaya. A ware naira 80,000 don gyara, a ajiye 40,000, domin roba za ta sake cinyewa. A naɗa mutum biyu masu shafa wa sarƙa giris da ɗaure kusoshin da suka saki.

Kuɗin nan amana ne. Abin da aka karɓa da sunan ruwa ba a karkatar da shi zuwa walima ko rigunan ƙungiya sai da yardar masu bayarwa. Haka kuma jumhurun malamai ba su ga halaccin zuba zakka a irin wannan aiki ba, don haka sadaka ta ganin dama za a nema. Ma'aji ya riƙa karanta lissafi a gaban mambobi kowane wata, da rasit a hannu.

Allah ya sanya albarka a cikin ɗan abin da aka tara.