Ɓoye suna kaɗai ba ya kare yaron da aka ci zarafinsa

Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilorin a shekarar 1998 sun hana bayyana suna ko hoton yaro ɗan ƙasa da shekara 16 a rahoton fyaɗe ko wani laifi, ko shi aka zalunta, ko shaida ne, ko shi ake tuhuma. Sai dai a gari irin Kafanchan, inda kowa ya san kowa, cire suna ba ya wadatarwa.

A ɗauka an kai wata yarinya cibiyar Salama da ke Kafanchan. Idan rahoto ya ce shekarunta 12, ya faɗi unguwarsu da sana'ar mahaifinta, ya ƙara da cewa kawunta ake zargi, to maƙwabta sun riga sun gane ta. Tsangwamar kuwa za ta iya bin ta har makaranta, har lokacin aure.

Abin da ya dace shi ne a ce "wata yarinya a ƙaramar hukumar Jama'a". Idan za a ambaci sunan wanda ake tuhuma, sai a bar dangantakarsu, domin haɗa biyun tona asirinta ne. Ba a siffanta raunukanta. A tsaya kan tuhumar da matakin da 'yan sanda ko kotu suka ɗauka.

Kafin a saki labari, edita ya tambayi kansa: shin ɗan unguwarsu zai gane ta? In amsar e ce, da sauran gyara.