Daga Fararen Akwatuna Zuwa Hoton Gida: Yadda Masu Zanen Gini Ke Shirya Zaman Farko

A ranar da mai zanen gine-gine zai fara zama da wanda ya ba shi aiki, yawanci abin da ke kwamfutarsa bai wuce 'yan fararen akwatuna ba. Akwati ɗaya falo ne, wanda aka ɗora a kansa ɗakunan kwana, siririn da ke gefe kuma matakala. Babu fenti, babu ƙofar kirki, babu rufin da za a nuna. Shi mai zanen yana ganin gida a ciki, amma Alhajin da zai fitar da kuɗi kwalaye kawai yake gani, har ya fara tunanin ko an yi aikin ma.

Waɗannan akwatuna galibi a SketchUp ake haɗa su, manhajar da ta fito a 2000, Google ya saye ta a 2006, sannan kamfanin Trimble ya karɓe ta a 2012. A da, kafin su koma hoton da ke kama da na kyamara, sai an zauna an saka kowace taga, kowane tayil da kowace fitila, sannan a bi da su ta manhajoji irin V-Ray ko Lumion. Aiki ne mai cin kwanaki, a kan zanen da mai gida zai iya rushewa da kalma ɗaya. Abin ya sauya da fitowar manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu haɗa hoto. Stable Diffusion ta fito a 2022, a farkon 2023 kuma masu bincike a Jami'ar Stanford suka fitar da ControlNet, wata dabara da ke tilasta wa manhajar bin layukan hoton da aka ba ta. A ƙarshen wannan shekarar ita ma SketchUp ta shigo da nata mai suna Diffusion. Akwai kuma Veras, wadda ake liƙa wa SketchUp ɗin kai tsaye.

A ɗauki misalin gida mai hawa ɗaya a Kano, a fili mai ƙafa 50 da 100, wato kusan mita 15 da 30. Rabin aikin yana ƙarewa ne tun kafin a ɗauki hoton. Wanda ya ɗauko ginin daga sama kamar yana cikin jirgi ya riga ya ɓata, domin mai gida ba daga nan zai riƙa kallon gidansa ba. Ana tsayar da kyamara a bakin titi da Position Camera, wanda ke ajiye ido a tsawon mutum, kusan mita 1.7. Daga nan a kunna Two-Point Perspective, don bangaye su miƙe tsaye kada su karkata ciki. Idan kusurwar ta yi daidai, a adana ta a matsayin Scene, saboda za a dawo mata sau da yawa. Maimakon ɗaukar hoton allo da duk tarkacen da ke gefe, gara a fitar da shi ta File > Export > 2D Graphic, inda mutum zai zaɓi girman da yake so.

Akwatin da ba shi da komai a jikinsa bai gaya wa manhajar girmansa ba. Tana iya ɗaukarsa shago, tana iya ɗaukarsa otel mai hawa shida. Shi ya sa gwanaye ke ɓata minti kaɗan su huda gurbin ƙofa da tagogi, su ja layin da ya raba ƙasa da bene, su tayar da katanga da ƙofar gida, su tsayar da mutum ɗaya da mota a gaba. Waɗannan su ne ma'aunin da manhajar ke karantawa.

Inuwa ma tana da nata zancen. Idan aka sa wa zanen wurin da filin yake, aka daidaita arewa, SketchUp na lissafa inuwar kowace rana da kowace awa. Kano tana kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen tsakiyar Agusta rana na bi ta arewa da tsakar rana, sauran watannin kuma ta kudu. Inuwar la'asar ta fi fito da siffar gini, kuma a nan ne mai zane zai nuna dalilin da ya sa ya zurfafa barandar da ke kallon yamma. Sai dai manhajar haɗa hoto ba ta san wannan lissafi ba. Tana iya mayar da rana ɗaya gefen idan ta ga hakan ya fi kyau, saboda haka hoton da ta fitar ba hujja ba ne a kan zafi ko haske.

Masu aiki da ControlNet sukan fitar da hotuna biyu daga kusurwa ɗaya. Na farko na layuka ne zalla, da salon Hidden Line, wanda ake ba Canny ko MLSD, shi na biyun ya ƙware a miƙaƙƙun layuka irin na gini. Ɗayan hoton na zurfi ne: a kashe layuka da inuwa, a kunna Fog da baƙin launi, sai abin da ke kusa ya fito fari, na nesa ya yi duhu. Daga nan sai bayanin da ake rubutawa, wanda yawanci da Turanci ya fi aiki:

```
two-storey house, sand-coloured plaster, deep veranda, flat roof
with parapet, laterite street, neem tree, late afternoon, hazy sky
```

Duk abin da aka bari ba a faɗa ba, manhajar za ta cike shi da abin da ta fi gani a hotunan da ta koya daga gare su: koriyar ciyawa, bangon gilashi, bishiyoyin Turai, wani lokacin har da bututun hayaƙi a kan rufi.

Ainihin gwanintar tana wurin maɓalli guda, wanda ke auna 'yancin da aka ba manhajar. A Stable Diffusion sunansa Denoising strength, daga 0 zuwa 1, a Veras kuma Geometry Override. Idan aka yi ƙasa da shi sosai, akwatunan ne za su dawo da ɗan fenti. Idan aka yi sama, hoto zai fito mai ɗaukar ido, amma na wani gida daban. Hanyar da ta fi ita ce a kulle lambar Seed, a riƙa ɗaga maɓallin kaɗan-kaɗan, ana canza abu ɗaya a kowane gwaji, har a ga inda ginin ya fara kauce wa zanensa, sai a koma baya taki ɗaya.

Gane kaucewar ba wuya. A ɗora sabon hoton a kan na SketchUp, a rage kaurinsa zuwa rabi, sai a fara ƙirga. Tagogi uku ne a bene ko sun zama huɗu? Ginshiƙin baranda ya sauka ƙasa ko ya tsaya a iska? Matakalar waje ta kai ƙofa ko bango ta tarar? Katanga ta ragu har ana hango tsakar gida daga titi? Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga iyalin da ke son sirri, kuma manhajar ta saba gajarta katanga don a ga ginin. Inda aka samu kuskure ɗaya, ba sai an sake hoton duka ba. Da Inpaint ana shafe wurin kaɗai a sake shi.

Hoton da ya yi kyau fiye da kima shi ma matsala ne. Mai gida zai tura wa iyali da abokai a waya tun kafin a tashi daga zaman, bayan wata shida kuma ya dawo yana tambayar ina dutsen da ya gani a bangon gaba, alhali babu wanda ya taɓa lissafa kuɗinsa. Masu hankali kan kawo hoto biyu ko uku na kusurwa ɗaya, wannan da filasta, wancan da jan bulo, su ajiye fararen akwatunan a gefensu, su kuma rubuta a jikin kowanne cewa hasashe ne, ba a tsayar da kayan aiki ba. Da haka zancen ke komawa kan abin da ake son yankewa a ranar: bene ko ƙasa, ina ƙofar baƙi, ina ta iyali, kuma filin mota nawa za a bari a gaba.